Darasi na Tara: Saita saurin sabon allon kwamfuta bayan an jona shi

Hoton da muke gani a fuskar kwamfuta ba a tsaye yake ba. Allon yana sake zana shi sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, da saurin da ido ba ya iya rarrabewa. Adadin wannan sake-zane shi ake rubutawa da lamba, a bi ta da haruffan Hz. Allon da aka rubuta wa 60 Hz yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, mai 144 Hz kuwa sau 144. Wato kafin na farko ya nuna hoto biyar, na biyu ya nuna goma sha biyu. Shi ya sa motsin kibiyar linzami da jan shafi sama da ƙasa suke fin santsi a kansa.

Abin da ke damuna, kuma dalilin wannan darasi, shi ne yadda mutum zai tara kuɗi ya sayi allo mai 144 Hz, ya jona, hoto ya fito tas, ya ɗauka aiki ya ƙare. Alhali sau da yawa Windows tana barin sabon allo a kan 60 Hz har sai an canza da hannu. Ana iya shafe shekara a haka ba a sani ba, domin babu wani saƙon gargaɗi da zai fito.

Matakan saitawa

A Windows 11, kai kibiya wurin da babu komai a fuskar kwamfuta, ka danna maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Display settings. Ja shafin ƙasa har ka ga Advanced display, ka shiga. Idan allo biyu ne a jone, duba saman shafin ka tabbata sunan sabon allon ne aka zaɓa, domin kowane allo da nasa saitin. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su yi ta neman 144 a ƙarƙashin tsohon allo. Daga nan sai ka nemi layin da aka rubuta Choose a refresh rate, ka buɗe jerin lambobin, ka ɗauki mafi girma wadda ta dace da abin da ke jikin kwalin allonka. A Windows 10 hanyar kusan ɗaya ce, sunan wurin ne Advanced display settings.

Da zarar ka zaɓa, allon zai yi baƙi na ɗan lokaci, sannan a tambaye ka ko za ka riƙe canjin. Idan hoto ya dawo lafiya, danna Keep changes. Idan kuma allon ya tsaya a baƙi, kada ka kashe kwamfuta, kada ka cire waya. Jira daƙiƙa 15, za ta koma saitin farko da kanta.

Wani lokaci za ka ga 143.86 ko 59.94 maimakon cikakkiyar lamba. Wannan ba matsala ba ce, ka ɗauke su a matsayin 144 da 60.

Idan lambar da kake nema ba ta cikin jerin

A nan ne ake buƙatar natsuwa. Mu ɗauki misalin wani mai shagon gyaran bidiyon biki. Ya sayi allo mai inci 27, an rubuta a kwalinsa 2560 × 1440 da 144 Hz. Ya zare wayar HDMI daga tsohon allonsa ya soka a sabon. Da ya buɗe jerin, lambar da ta fi girma ita ce 60. Har ya fara tunanin an sayar masa da jabu.

Allon lafiyarsa ƙalau. Hoto yana bi ta waya ne kamar yadda ruwa yake bi ta bututu, kuma yawan abin da za a tura ya danganta da abu biyu: yawan ɗigogin da suka haɗa hoton, da yawan sabunta su a daƙiƙa. Allon wannan mutumin yana da ɗigo sama da miliyan uku da rabi. A tura su sau 144 a daƙiƙa ya fi ƙarfin tsohuwar mahaɗar HDMI 1.4. Ana buƙatar HDMI 2.0 ko sama da haka, ko kuma DisplayPort 1.2 ko sama da haka. Kuma dole ramin kwamfuta da ramin allo da wayar da ke tsakaninsu duka su iya ɗauka. In ɗaya ya gaza, sauran ma sun tsaya a nan.

Da ya leƙa bayan kwamfutarsa sai ya gano kuskure na biyu. Ya soka wayar a ramin da ke sama, kusa da ramukan USB, wanda na uwar kwamfutar ne. Katin hoton da ya saya da tsada, wato na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta, yana can ƙasa, ramukansa a jere a kwance, babu abin da aka jona musu. Ya ɗauko wayar DisplayPort da ta zo cikin kwalin allon (bakinta ya yi kama da na HDMI, amma kusurwa ɗaya kawai aka yanke, kuma a jikin allo akan rubuta DP a gefen raminta), ya soka ta a katin hoton. Ya sake buɗe jerin, sai ga 120 da 144. Shawarata a kullum ita ce a fara da wayar da ta zo tare da allo, a ajiye tsohuwa.

Mai kwamfutar tafi-da-gidanka yana da wani abin dubawa. Idan an saita allon biyu su nuna abu ɗaya, sabon yana iya tsayawa a kan saurin na jikin kwamfutar. Danna maɓallin Windows tare da harafin P, ka zaɓi Extend ko Second screen only, sannan ka koma jerin. Idan kuma a shafin Advanced display ka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, to ba a sa direban katin hoton ba, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki, kuma sai an sa shi kafin manyan lambobi su fito.

Kada ka rage yawan ɗigogin hoto don kawai ka sami babbar lamba. Rubutu zai dusashe, idonka ya gaji. Gara ka nemo wayar da ta dace.

Yadda za ka tabbatar

Kama wata taga da linzami ka riƙa jan ta hagu da dama. Yi haka a 60, sannan a 144. Za ka ga rubutun da ke cikinta ya fi karantuwa yana tafiya a na biyun. Yawancin alluna kuma suna da ƙananan maɓallai a ƙasa ko a baya, waɗanda ke buɗe bayanan allon, a nan yakan nuna saurin da yake karɓa a lokacin. Amma kada ka gwada da bidiyo. Wanda aka ɗauka da hoto 30 a daƙiƙa haka zai ci gaba da tafiya ko da a wane allo ne. Ka sake duba saitin duk lokacin da ka canza waya ko rami, ko aka sake sa wa kwamfutar Windows, domin yana iya komawa 60.

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya buɗe Advanced display a kwamfutar da ke gabansa, ya rubuta a littafinsa sunan allon, da lambar da yake kai yanzu, da lamba mafi girma a jerin. Sannan ya leƙa baya ya rubuta irin wayar da aka jona da ramin da ta shiga.