Darasi na Bakwai: Daidaita Takardar Si-Bi da Aikin Ƙungiyoyin Agaji

Idan ƙungiyar agaji ta fitar da sanarwar ɗaukar ma'aikaci a Maiduguri ko Damaturu, takardun da za su shigo suna da yawa, mai tantancewa kuma ba ya da lokacin karanta kowacce daga farko har ƙarshe. Sanarwar yake ajiyewa a gefe, ya ɗauki si-bi ɗinka, yana duba ko abin da aka nema ya fito a ciki. Shi ya sa si-bi guda ɗaya da ake aikawa ko'ina ba ta cika kai mutum ganawa ba.

Fara da sanarwar. Galibi sharuɗɗan kashi biyu ne: waɗanda aka rubuta Essential a kansu, su ne na dole, da Desirable, waɗanda samunsu ƙari ne kawai. Ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin na dole. Kowane ɗaya sai ya sami amsarsa a takardarka.

Mu ɗauki misali. Wata mata ta yi shekara biyu da wata ƙaramar ƙungiya mai kula da yara masu tamowa, yanzu tana neman aikin jami'ar shiri. Sanarwa ta nemi abu uku: iya aiki da jama'a, ƙwarewa a rahoton masu ba da tallafi, da Turanci tare da Hausa ko Barbarci. Abin da ta rubuta da farko shi ne: "Ina da ƙwazo, ina son aiki da mutane, na taimaka wajen rubuta rahoto." Ba ƙarya ta yi ba, amma kowa ma zai iya rubuta haka.

Abin da waɗannan ƙungiyoyi ke nufi da ƙwarewa shi ne hali da aka gani a aikace. Saboda haka kowane layi ya faɗi abin da ka yi, da wa, da abin da ya biyo baya. Sai ta gyara: "Na jagoranci 'yan sa kai 12 a unguwanni 4. Da iyaye mata suka rage kawo yara awo, na zauna da masu unguwa, muka mayar da ranar awo daga ranar kasuwa zuwa washegari." Wannan layin ya nuna shugabanci da warware matsala ba tare da ta yabi kanta ba. A wurin ganawa ma irin tambayar ke nan: ba mu labarin wani lokaci da aiki ya cije, me kika yi?

Batun rahoto ya fi buƙatar natsuwa. Mai ba da kuɗi, ko ECHO ta Tarayyar Turai ce ko Asusun Agaji na Najeriya da OCHA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai daidaita ayyukan agaji, ke kula da shi, yana son ya ga an kwatanta abin da aka yi alkawari da abin da aka cimma, an raba adadin mutane maza da mata, manya da yara, kuma rahoton ya iso a ranar da aka tsayar. To, wane ɓangare ne naka? Matar nan ba ita ke rubuta babban rahoto ba. Ita ke tattara alƙaluma a waya da manhajar KoboToolbox, ta tace su a Excel, ta cike jadawalin 5W na wata-wata, wato wa ya yi me, a ina, yaushe, domin wa. Wannan shi za ta rubuta, da sunan mai tallafin da shekarun aikin. Idan ta ce ita ta rubuta rahoton duka, ranar jarrabawar rubutu asiri zai tonu, domin sau da yawa akan ba mutum alƙaluma a ce ya fitar da shafi ɗaya cikin sa'a guda.

Harshe kuwa, kada a jera sunaye kawai. A bambanta ji, magana, karatu da rubutu. Ta rubuta: Hausa, harshen uwa, tana karantawa tana rubutawa, Turanci, tana rubuta rahoto da shi, Barbarci, tana gaisawa da ciniki, ba ta iya tafinta. Mutane na raina harsunan gida, alhali a Borno mai Barbarci ko Larabcin Shuwa yana da abin da wani mai digiri biyu ba ya da shi. Wanda kuma ke hangen Diffa ko Maraɗi ya sani cewa yawancin rahotanni a can da Faransanci ake yin su. Idan fom ya nemi mataki daga A1 zuwa C2, A1 na ɗan koyo ne, B2 na mai iya gudanar da aiki da harshen ne.

Shafi biyu sun isa. A sa aikin baya-bayan nan a sama, da wata da shekara.

Aikin gida: samo sanarwa ɗaya daga ReliefWeb, shafin intanet na ayyukan agaji, ko allon wata ƙungiya. Raba takarda gida biyu, sharuɗɗan dole a hagu, abin da ka taɓa yi a dama. Inda dama ta zama babu komai, bar shi haka, ka kawo aji mu duba tare.