Kurakuran aro da ƙirƙirar kalmomi wajen fassara darasin kwamfuta

Duk kalmar da mai fassara ya sa a littafin kwamfuta na ƙaramar sakandare, ɗalibi zai ɗauke ta ne zuwa gaban na'ura da zauren jarrabawa, kuma a can ne ake gane ko ta yi aiki. Yawancin kurakuran da ake yi sun samo asali ne daga mantawa da wannan.

Na farko shi ne ƙirƙira a inda aro ya riga ya zauna. Akwai masu fassarar da ke ƙyamar kalmar kwamfuta, sai su riƙa rubuta na'ura mai ƙwaƙwalwa a kowane layi, alhali kwamfuta ta daɗe da zama Hausa, tana da jinsin mace, tana da jam'i, wato kwamfutoci, tana kuma karɓar mahaɗi, kamar yadda ake cewa kwamfutar makaranta. Na'ura mai ƙwaƙwalwa bayani ne da ya dace da shafin farko, amma yana nauyaya jimla idan aka maimaita shi, sannan yana sa wa yaro tunanin cewa na'urar tana tunani irin na mutum. Kafin a ƙirƙiri sabuwar kalma, ya kamata a saurari abin da masu gyaran waya da malaman aji suke faɗa. Idan kowa yana cewa caja da batir da firinta, to waɗannan su ne kalmomin.

Na biyu shi ne aro ba tare da gyaran rubutu ba. Daidaitacciyar Hausa ba ta amfani da harafin p ko v a matsayin baƙaƙe masu zaman kansu, kuma ba ta tara baƙaƙe a farkon gaɓa, shi ya sa ake sa wasali a tsakani a ce firinta da sikirin. A rubuta kalmar yadda baki yake furta ta, a yanke jinsinta da jam'inta tun farko, kada fayil ya zama namiji a babi na biyu ya koma mace a babi na biyar.

Kuskuren da ya fi ɓarna kuwa shi ne ɗora ma'anoni biyu a kan kalma ɗaya. A ɗauki wayar da aka rubuta 4GB RAM da 64GB a jikin kwalinta. Adadi na farko na wurin da na'ura take riƙe aikin da take yi a lokacin ne, wanda ke gogewa da zarar an kashe ta, na biyu kuma na wurin da hotuna da fayiloli suke zama ne ko da babu wuta. Mai fassara da ya kira su duka ma'ajiya ya rushe darasin, domin bambancin nan shi ne abin da ake koyarwa. Aron memori ma ba ya tsiratarwa, saboda a kasuwa memori ƙaramin katin nan ne da ake zuba waƙoƙi da karatu a ciki, wato ajiya mai ɗorewa. Gyaran shi ne a bar RAM yadda take, tunda haka yaro zai gan ta a kwali da allon na'ura, a bayyana ta sau ɗaya da ma'ajiyar wucin gadi, sannan a keɓe ma'adana ga ɗaya wurin har ƙarshen littafi. Ana gwada fassarar da tambaya guda: in aka ɗauke wuta kafin ka danna Save, ina rubutunka ya tafi? Ɗalibin da ya kasa amsawa bayan ya karanta shafin, sau da yawa laifin kalmar ne.

Irin wannan tarko yana cikin kalmar manhaja, wadda ta samu karɓuwa a matsayin sunan shirye-shiryen kwamfuta da waya, amma a makaranta ita ce tsarin karatu. A jagoran malami, inda ma'anonin biyu kan haɗu a shafi ɗaya, dole a rubuta manhajar kwamfuta da manhajar karatu a cike.

Idan ƙirƙirar ta zama dole, a dubi aikin da abin yake yi maimakon sunansa na asali. Wanda ya fassara sunan ɗan abin da ake jan kibiya da shi a allo da ɓera ya kwaso kamanni ne kawai, ya kuma jawo dariya a aji, amma linzami ya kama aikin, wato sarrafawa da juyawa. Hausa tana da nata tsarin gina sunan kayan aiki da na wuri, kamar mabuɗi da maɓalli da ma'adana, kuma kalmar da aka gina a kansa takan zo da jam'inta.

Sunayen da ke kan allo, kamar File da Save, a bar su yadda suke a yi bayaninsu da Hausa. Idan littafin zai tsallaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, inda na'urori da yawa suke da Faransanci, sai a sauya su da Fichier da Enregistrer a bugun can.