Darasi na Tara: Takardu Uku Kafin Biyan Kuɗin Kwas

A unguwarmu akwai wata yarinya da ta yi shekara uku tana karatun kiwon lafiya a wata kwaleji mai zaman kanta. Kullum da safe sai ka gan ta cikin farin yunifom. Mahaifinta ya sayar da tumaki har da ɗan filinsa don ya biya kuɗin makaranta. An yi bikin yaye ɗalibai, an ci an sha, an ɗauki hotuna. Da aka buɗe ɗaukar ma'aikata a asibitocin sha-ka-tafi, ta kai takardunta. Ma'aikacin ya duba, ya ce, "Ina lasisinki?" Ba ta da shi. Satifiket ɗin da ke hannunta makarantar ce ta buga abinta, hukumar da ke ba da lasisi kuwa ba ta ma san da zaman yarinyar ba.

Makarantar tana da gini da allo da malamai. Har takarda mai hatimi ke rataye a ofishin shugaban. To, ina aka yi kuskure?

Takarda ta farko: rajistar kamfani

Takardar da aka fi ratayewa a bango ita ce ta hukumar rajistar kamfanoni, wadda ake rubutawa CAC. Tana ɗauke da lamba, sau da yawa da haruffan RC a gabanta. Abin da take nufi kawai shi ne an yi wa sunan rajista. Mai gidan burodi ma yana da irinta. Idan ita kaɗai aka nuna maka, ba a nuna maka komai game da karatu ba.

Takarda ta biyu: izinin makaranta da na kwas

A Najeriya kowane irin karatu da hukumarsa. Jami'o'i suna ƙarƙashin NUC. Kwalejojin ilimi masu ba da NCE suna ƙarƙashin NCCE. Kwalejojin kimiyya da fasaha masu ba da difloma ta ND da HND suna ƙarƙashin NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedikwatarta tana Kaduna.

A nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Hukuma tana amincewa da makaranta, sannan ta bi kwasa-kwasanta ɗaya bayan ɗaya. Jami'anta sukan zo su ƙirga malamai, su duba ɗakin gwaje-gwaje da kayan aiki da littattafai, na kowane kwas daban. Saboda haka makaranta tana iya koyar da kwas shida, alhali uku kaɗai aka amince da su. Idan ka tambaya, "An amince da makarantar nan?" za a ce maka e, kuma ba a yi maka ƙarya ba. Tambayar da ta dace ita ce, "An amince da wannan kwas ɗin, a wannan harabar, a bana?" Mun ce a bana domin izinin yana da wa'adi, idan ya ƙare sai an sake zuwa dubawa. Mun ce a wannan harabar domin izinin da aka ba makaranta a wani gari ba ya bin reshen da ta buɗe a saman shaguna a garinku.

Akwai amsoshi biyu da ya kamata su sa ka mayar da kuɗinka aljihu. Ɗaya ita ce, "Takardunmu suna kan hanya." Ɗayar kuma, "Muna ƙarƙashin jami'a kaza." Mai yiwuwa gaskiya ne, amma jami'ar ce za ta tabbatar maka, ba mai sayar da fom ba.

Takarda ta uku: lambar ɗalibi a hukumar sana'a

Aikin lafiya ba a yin sa sai da lasisi. Masu jinya da ungozoma suna da hukumarsu, NMCN. Ma'aikatan lafiya na matakin farko, waɗanda ake kira CHEW da JCHEW, tasu hukumar ita ce CHPRBN. Karatun CHEW shekara uku ne, na JCHEW biyu. Hukumar ce ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ƙasa, kuma wanda ya ci ne ake ba lasisi.

Kafin ɗalibi ya zauna wannan jarrabawa, sai makaranta ta tura sunansa da sakamakon sakandarensa, hukuma ta ba shi lamba. Ɗalibai suna kiran wannan indeksin. Kowace makaranta kuma akwai adadin da aka yarje mata ta ɗauka. A ce an yarje mata 50, ita kuwa ta ɗauki 120 saboda kuɗin makaranta. Mutum 70 ke nan suke zaune a aji ɗaya da sauran, suna biyan kuɗi iri ɗaya, amma babu lamba. Wannan ya fi makarantar bogi wuyar ganewa, tunda makarantar ta gaske ce, kwas ɗin ma na gaske ne. Shi ya sa idan ɗanka ya yi nisa a karatu ana ta ce masa "indeksin ɗinku bai fito ba tukuna," kada ka zauna jira, ka tashi ka bincika.

Yadda wani uba ya yi

Wani magidanci ya raka 'yarsa sayen fom. Ya gaida magatakarda, ya ce, "Ranka ya daɗe, CHEW take so ta karanta. Don Allah a nuna mana wasiƙar amincewa da kwas ɗin."

"Alhaji, ai ga takardarmu can a bango."

"Na gan ta, ta CAC ce. Ta hukumar lafiyar nake nufi."

Aka ɗauko wasiƙa. 'Yar ta karanta masa abu huɗu: sunan makarantar, adireshinta, sunan kwas, da kwanan wata. Suna da adireshi sun yi daidai da na allon waje, amma JCHEW kaɗai aka rubuta. Da ya yi magana, sai aka ce na CHEW ɗin "an kusa."

Bai yi gardama ba, ya yi godiya suka fito. Da yamma ɗan ƙaninsa ya buɗe shafin hukumar a waya don su nemi jerin makarantun da aka amince da su. Sun lura da adireshin shafin, domin na hukumomin gwamnatin Najeriya yakan ƙare da .gov.ng. Hoton takarda da aka turo ta WhatsApp ba hujja ba ne, kowa na iya haɗa shi. Washegari ya je asibitin garinsu ya sami shugabar ma'aikata, ya ce, "Hajiya, a cikin ma'aikatanki akwai wanda ya gama a makaranta kaza?" Ta ce akwai biyu, dukansu JCHEW. Ni a ganina wannan tambayar ta fi duk sauran amfani ga wanda karatu bai zauna masa ba tukuna, tunda ba ta bukatar waya ko Turanci. Sai dai tana nuna maka abin da ya faru bara da bara waccan ne, ba ta maye gurbin ganin wasiƙar bana.

'Yar ta zaɓi ta jira ta nemi CHEW a kwalejin jiha. Kuɗin fom ɗin ma ba su biya ba.

Aikin aji

1. Rubuta waɗannan haruffa, ka faɗi irin karatun da kowace hukuma ke kula da shi: NUC, NCCE, NBTE, NMCN, CHPRBN.
2. An yarje wa makaranta ɗalibi 75, ta ɗauki 140. Mutum nawa ne ba za su samu lamba ba?
3. Ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama magatakarda, ɗaya uwa ko uba. Magatakarda ya ce, "Takardunmu suna kan hanya." Me za ka ce masa?
4. Kawo takardar tallar wata makaranta da aka raba a unguwarku. Ja layi ƙarƙashin sunan hukumar da aka ambata. Idan ba a ambaci ko ɗaya ba, rubuta tambayar da za ka yi musu.