Babi na Bakwai: Abin da Za Ka Iya Faɗa a Talla da Abin da Ba Za Ka Iya Ba

Mai kaya yana da 'yancin yabon kayansa. Matsala tana farawa ne idan mai saye ya tafi gida da wani zato a ransa, alhali mai talla ya san zaton nan ba haka yake ba. A wannan darasi za mu ɗauki kaya guda ɗaya, fitila mai caji da hasken rana, mu bi tallanta kalma bayan kalma, mu ga inda yabo ya tsaya da inda algus ya fara.

Yabo da iƙirari

Maganar talla iri biyu ce. Akwai yabo zalla, kamar a ce "fitila mai kyan gani" ko "hasken da zai faranta maka rai". Ba a auna irin wannan da mudu ko da agogo, kuma mai saye ya san daɗin baki ne. Sai kuma iƙirari, wato maganar da za a iya gwadawa a gane gaskiya ce ko ƙarya: "tana kai awa 12 a kunne", "ruwa ba ya lalata ta", "ta fi kowace fitila haske". Da zarar ka saka lamba, ko lokaci, ko ka kwatanta kayanka da na wani, ka bar yabo ka shiga iƙirari, kuma dole ka riƙe hujja a hannu tun kafin tallan ya fita.

Kotu ta daɗe da raba waɗannan biyun. A 1891 wani kamfani a Ingila mai suna Carbolic Smoke Ball ya buga talla a jarida cewa zai biya fam 100 ga duk wanda ya shaƙi maganinsa sau uku a rana har mako biyu amma mura mai tsanani ta kama shi. Ya ƙara da cewa ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake. Wata mata, Louisa Carlill, ta bi ƙa'idar, murar ta kama ta, kamfanin ya ƙi biya, ya ce ai daɗin bakin talla ne kawai. A 1892 kotun ɗaukaka ƙara ta ce sai ya biya, domin wanda ya faɗi adadin kuɗi har ya ce ya ajiye su a banki ya yi alkawari ne.

Awa 12 ɗin nan daga ina ta fito?

A ce a jikin kwalin fitilarmu an rubuta "awa 12". Kafin ka maimaita wannan a tallanka, duba batirin. A misalinmu an rubuta 3.7V da 2000mAh a jikinsa. Lamba ta biyu ana raba ta da 1,000, sai ta zama 2. Sannan a ninka: 3.7 × 2 = 7.4. Ma'anar wannan ita ce, idan ƙwan fitilar yana jan wat 1, batirin zai riƙe shi awa 7.4 a lissafin takarda. A aikace ba ya kaiwa, domin wani ɓangare na wutar yana tafiya a zafi cikin na'urar, sai a samu kamar awa 6.

To ina aka samo 12? Fitilar tana da maɓalli mai mataki biyu. A ƙaramin mataki ƙwan yana jan rabin wat, don haka lokacin ya ninka. Ke nan wanda ya rubuta "awa 12" bai ƙirƙiri lambar ba, amma ya ɓoye sharaɗinta. Idan kuma hoton tallan ya nuna yaro yana karatu a ɗaki mai haske fes, hoton yana nuna babban mataki, lambar tana nuna ƙarami, mai saye kuwa zai haɗa su biyun a ransa. Wannan shi ne ruɗin da ya fi yawa a talla: kowace kalma gaskiya ce idan an ware ta, amma abin da mutum ya fahimta ƙarya ne. Shi ya sa ake auna talla da abin da mai saye ya ɗauka bayan ya gani ko ya ji.

Kalmomin "har zuwa" ba sa wanke wannan laifi. "Har zuwa awa 12" tana faɗin iyakar sama, yawancin masu ji kuwa lambar kawai suke riƙewa. Haka ma ƙaramin rubutu a ƙasan takarda, ko sharaɗin da mai sanarwa ya karanto da gudu a ƙarshen tallan rediyo. Sharaɗi yana iya ƙara bayani a kan babbar magana, amma idan ya zo yana warware ta, babbar maganar ce ba daidai ba tun farko.

Gwajin da ya kamata ka yi ba shi da wuya. Ɗauki fitilu goma daga kwalaye daban-daban, kada ka zaɓi masu kyau. Yi musu caji yadda mai saye zai yi, wato a rana ta yini guda. Kunna su a babban mataki, ka rubuta lokacin da ka kunna da lokacin da hasken ya dushe har ba a iya karatu da shi. Kada ka jira sai ƙwan ya mutu gaba ɗaya, domin ɗan jan haske da ba ya nuna komai ba shi mai saye ya biya ba. A ce mafi rauni ta yi awa 5 da rabi, mafi ƙarfi ta yi 6 da rabi, da ka maimaita gwajin a ƙaramin mataki kuma mafi rauni ta yi kusan 11. Abin da za ka rubuta shi ne: "Awa 5 da rabi a babban haske, kusan awa 11 a ƙarami, bayan cajin yini guda a rana mai kyau." Ka zaɓi ƙaramar lambar ne saboda kowa ya sami abin da aka faɗa masa ko fiye. Ka tuna kuma batiri yana raguwa da tsufa, don haka lambar sabuwar fitila ce. Ajiye takardar gwajin da kwanan wata, ita ce hujjarka.

Shaidar masu saye

Mutum ya fi yarda da wanda ya saya ya gwada fiye da wanda ke neman kuɗinsa. Saboda haka shaida take da ƙarfi, saboda haka kuma ake yawan ƙirƙirar ta.

Ƙaryar fili kowa ya san ta: mai kaya ya rubuta yabon da kansa, ya liƙa sunan da babu mai shi, ko ya sa ma'aikatansa da 'yan uwansa su yi kamar baƙi ne. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce shaidar mutum na gaske da aka biya shi, ko aka ba shi kayan kyauta, ba a faɗa ba. Mai yiwuwa ma yana son fitilar da gaske. Duk da haka mai sauraro yana da haƙƙin sanin an biya shi, domin da ya sani da ya rage nauyin da ya ba maganar. Gyaran ba shi da tsada: a faɗi a farkon maganar cewa talla ne, ko an ba shi kayan kyauta, a wurin da ido ko kunne ba zai tsallake ba.

Akwai ta uku, wadda masu gaskiya ma suke faɗawa cikinta ba da niyya ba. Mutum ɗari sun sayi fitila, guda ɗaya ya ce tasa ta kwana a kunne har asuba, sai a ɗauki maganarsa ita kaɗai a buga. Bai yi ƙarya ba, wataƙila a ƙaramin mataki ya bar ta. Amma mai karatu zai ɗauka haka kowa ke samu. A Amurka an daɗe ana fakewa da ɗan rubutun da ke cewa ba kowa ne zai sami irin wannan sakamako ba, sai a 2009 hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar, FTC, ta gyara jagororinta ta ce wannan kaɗai bai isa ba, sai an faɗi abin da yawancin mutane za su iya samu. A 2024 kuma ta fitar da doka ta musamman da ta haramta saye da sayar da shaidar ƙarya. Abin lura a nan shi ne, duk abin da ba za ka iya faɗa da bakinka ba don ba ka da hujja, ba zai halatta ba don ka sa shi a bakin wani.

Idan kai ne mai saye, akwai alamu. Yabo da yawa sun zo a rana ɗaya ko biyu bayan dogon shiru. Kalmomi iri ɗaya suna maimaituwa a bakin mutane daban-daban. Ana ta kiran cikakken sunan kaya kamar mai karanta sanarwa, amma babu wanda ya ce ga inda ya yi amfani da shi, ga tsawon lokacin. Wanda ya saya da gaske yakan ambaci ƙaramin aibi, kamar igiyar cajin ta yi gajarta. Alama ɗaya ba ta isa hukunci ba, amma idan uku suka haɗu, yi hattara.

Idan kai ne mai talla, nemi izinin mai shaidar a rubuce, ajiye asalin maganarsa da ranar da ya saya, kuma idan za ka taƙaita kada ka juya ma'ana. Wanda ya ce "tana da haske sosai amma ta lalace bayan wata biyu", ba za ka yanke rabin farko ka buga ba.

Jan hankali ba tare da ruɗi ba

Kada a ɗauka talla na gaskiya dole ya zama lami. Kana iya nuna yaro yana karatu, muddin a hasken da fitilar ke bayarwa da gaske aka ɗauki hoton, ba a ɓoye wata babbar fitila a bayan kyamara ba. Kana iya cewa "awa 5 da rabi, wato daga faɗuwar rana har lokacin kwanciya", wanda ya fi shiga rai fiye da lamba tsirara. Kana iya ba da garanti na wata shida idan za ka cika. Kana iya cewa ragi zai ƙare ranar kaza idan ranar nan za a mayar da farashi, amma "saura guda uku" alhali sito cike yake, ko ƙara farashi yau don a ce an yi ragi gobe, duk ƙarya ce da aka shirya don hana mutum tunani.

Kafin talla ya fita, ba wa mutum biyar da ba su san kayan ba su karanta ko su saurara sau ɗaya, sannan ka tambaye su abin da suke sa ran samu. Idan uku suka ce fitilar za ta haska ɗaki har safe, tallan ya ruɗe su, ko da babu kalmar ƙarya a ciki. Koma ka gyara.

Aikin yi

1. A jikin wani batiri an rubuta 3.7V da 3000mAh, ƙwan yana jan wat 2. Awa nawa ne a lissafin takarda, kuma me ya sa ba za ka rubuta wannan lambar a talla ba?
2. Ware yabo daga iƙirari: "mai sauƙin ɗauka", "nauyinta giram 200", "ta fi sauran daɗewa".
3. Nemo talla guda mai ɗauke da shaidar wani, ka rubuta abin da za ka tambayi mai tallan kafin ka yarda da ita.