Darasi: "An biya ni" da "Na biya" a Turanci

Idan kuɗi suka shiga asusunka na banki, saƙon da ke shigowa wayarka yakan ce: *Your account has been credited.* Duba da kyau, ba a ambaci wanda ya zuba kuɗin ba. Haka mu ma muke yi da Hausa idan muka ce "an biya albashi" ko "an rufe makaranta". Aikin da "an" take yi mana, shi wannan gini yake yi wa Bature, kuma sunansa *passive voice*.

Ana zaɓensa idan ba a san mai aikin ba, kamar *My goat has been stolen*, an sace mini akuya. Ana kuma zaɓensa idan kowa ya san mai aikin, ko kuwa ba a so a nuna wa mutum yatsa. Amma ga shawarata: a takardar bashi ko ciniki, ka ambaci mai aikin. "An karɓi kuɗi" ba ta zama shaida ranar rigima.

Nau'in ginin da za mu koya a wannan darasi ƙafa uku gare shi kamar murhu: *has* ko *have*, sai *been*, sai siga ta uku ta aikatau. Ɗauki *write, wrote, written*. Ta ukun ce tamu. *The letter has been written*, an rubuta wasiƙar. Idan wasiƙun da yawa ne, *has* ta koma *have*.

Idan aikin ya riga wani abu faruwa a baya, ƙafar farko kaɗai ake canjawa zuwa *had*: *The shop had been closed before I came*, kafin in zo an riga an rufe shagon. Na gaba kuma *will have been* ne: *The maize will have been sold by Friday*, kafin Juma'a an sayar da masarar.

Inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe shi ne yar da *been*. Wani tela a ajinmu na yamma ya ɗinka wa mutum kaya, aka biya shi, sai ya rubuta *I have paid*. Ma'anar wannan ita ce "na biya", wato shi ne ya fitar da kuɗi. Abin da yake nufi shi ne *I have been paid*, an biya ni. Kafin ka aika saƙo, tambayi kanka: ni na yi, ko ni aka yi wa? In kai aka yi wa, dole *been* ta fito bayan *have*.

Aikatau irin su *die* da *happen* ba sa karɓar wannan gini, domin ba kan kowa aikin ya faɗa ba. *He has died* ake cewa, ba *has been died* ba.

Aikin gida: juya waɗannan zuwa Turanci. An gyara famfon. An kira mu. Kafin mu iso an riga an raba takin.