Bango da jakar ruwa a ƙwayar tsiro: inda masu koyo suka fi yin tuntuɓe

Duk shekara idan na zauna duba takardun 'yan ajin farko na babbar sakandare, amsa ɗaya ce ke ta maimaituwa: "Ƙwayar tsiro tana da bango da babban bakiyol, ta dabba ba ta da su." Amsar daidai ce. Amma da zarar na ce "to, don me?", sai aji ya yi tsit. An haddace jadawali, ba a san abin da ya haɗa layukansa ba. Kuma yawancin kurakuran da nake gani daga nan suke tasowa, wato ɗaukar bango da bakiyol kamar wasu abubuwa biyu da kowanne ke harkar gabansa, alhali aiki ɗaya suke yi tare, kuma aikin nan na ruwa ne.

Mu fara da sanin su waye. Kowace ƙwayar halitta mai rai, ta tsiro ko ta dabba, tana lulluɓe da wani siririn tantani. Ƙwayar tsiro ta ƙara da bango a bayan tantanin, wanda akasarinsa zaren selulos ne. Idan kana son ganin selulos da idonka, ɗauki auduga: kusan kashi 90 cikin 100 na zarenta shi ne. Bakiyol kuwa jaka ce a tsakiyar ƙwayar, cike da ruwa mai narkakken sukari da gishiri iri-iri da sauran sinadarai, tana da nata tantanin. A ƙwayar da ta gama girma takan cinye fiye da rabin wurin, wani lokaci har kashi 90 cikin 100, ta ture cibiyar ƙwayar da sauran kayan ciki zuwa gefe.

"Tsiro na da bango, dabba na da tantani"

Wannan shi ne kuskure mafi yawa. Ɗalibi ya ɗauka musaya aka yi, an ba tsiro bango a maimakon tantani. A'a, tsiro yana da duka biyun. Daga wannan kuskuren sai wani ya ɓullo: a ce bango ne ke tace abin da zai shiga ƙwaya da wanda zai fita. Bango ba mai gadi ba ne. Kamar zana yake, yana tsayar da siffar gida amma ruwa da gishiri na ratsa shi yadda suka ga dama. Mai zaɓen abin da zai wuce shi ne tantani. A zane, ja layi biyu: na waje mai kauri shi ne bango, na ciki siriri da ke manne da shi shi ne tantani. Wanda ya ja layi ɗaya ya bar maki a ƙasa.

"Bango ne ke tsayar da tsiro"

Rabin gaskiya ce, kuma nan ya kamata a daɗe. Ka lura da mai alayyahu a kasuwa wajen azahar. Ganyen da ya kawo da safe a miƙe ya yi laushi ya langaɓe. Sai ya tsoma hannu a bokiti ya yayyafa masa ruwa, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Bangon ƙwayoyin ganyen nan bai je ko'ina ba tsakanin safe da azahar, selulos ɗin yana nan daram. Abin da ya fita ruwa ne. Da bango kaɗai ne ke tsayar da ganye, da ganye bai taɓa yaushi ba.

Ga yadda abin yake. Ruwa yana ratsa tantani daga ɓangaren da narkakkun abubuwa suka yi ƙaranci zuwa ɓangaren da suka fi yawa. Wannan shi ake kira osmosis. Ruwan cikin bakiyol ya fi ruwan ƙasa kauri da sukari da gishiri, don haka ruwa ke kwarara ciki. Bakiyol ya kumbura, ya danna kayan ciki da tantani a jikin bango. Bango ya ƙi miƙewa, ya danno shi ma. A nan sai shigar ruwa ta tsaya, ƙwayar ta yi tauri. Tayar keke da tub ɗinta ke nan: tub ba taya, kana ta bugun iska zai fashe, taya ba iska a tub, a kwance take. Ƙarfin da ke cikin ƙwayar ganye mai ƙoshin ruwa yakan wuce na iskar tayar mota, kuma dubban irin waɗannan ƙwayoyin da ke matse da juna su ne ke miƙar da ganyen.

Kana iya gwadawa a kicin. Yanka ɗanyen dankalin Turawa sala biyu, kowanne tsawon santimita 5, kaurin ƙaramin yatsa. Saka ɗaya a rabin kofin ruwa zalla, ɗayan a rabin kofin ruwa da aka narkar da babban cokali biyu na gishiri a ciki. Bayan awa ɗaya ka ciro su. Na ruwa zalla ya ƙara tauri, idan ka lanƙwasa shi zai karye ƙas. Na ruwan gishiri ya zama kamar roba, kana iya lanƙwasa shi bai karye ba, idan ka ɗora shi kan rula za ka ga ya ɗan rage tsawo. Yanzu maimaita da dankalin da aka dafa. Ba za ka ga wannan bambancin ba, domin zafi ya lalata tantani, kuma ba tantani ba osmosis. Wannan gwaji na dafaffen dankali shi ya fi gyara wa yara kuskuren farko fiye da duk bayanin da zan yi a allo.

Banda a nan shi ne itace. A kututturen bishiya bangon ya yi kauri da wani sinadari mai suna lignin, ƙwayoyi da yawa sun mutu sun bar bangonsu kawai, shi ya sa busasshen azara ke ɗaukar rufin ɗaki ba tare da ɗigon ruwa a cikinsa ba. Irin waɗannan fankon ɗakunan ne masanin kimiyya ɗan Ingila Robert Hooke ya gani da madubin ƙara girma a ɓawon wata bishiya, ya wallafa zanensu a 1665. Bango ya gani, ba ƙwaya mai rai ba.

"A ruwan gishiri ƙwayar tsiro takan ƙanƙance gaba ɗaya"

Wanda makarantarsu ke da madubin ƙara girma, ya ɓare siririyar fatar jar albasa, ta ɓangaren da ke da launi, ya shimfiɗa kan gilashi da ɗigon ruwa. Zai ga ɗakuna jere kamar bulo, kowanne cike da launin shunayya. Launin nan a cikin bakiyol yake. Sai ya ɗiga ruwan gishiri a gefe ɗaya, ya zuƙe daga ɗaya gefen da takarda mai shan ruwa. Cikin 'yan mintuna launin zai tattare ya dunƙule a tsakiya, ya ƙara duhu, amma layukan bulon suna nan inda suke. Abin da ya ja baya bakiyol ne da tantani, bango bai bi su ba. Tambayar da ke kayar da mutane ita ce: me ke cikin gurbin da ke tsakanin bango da tantani? Da yawa sukan rubuta "iska". Ruwan gishirin ne, tunda bango bai hana shi shiga ba. Idan aka mayar da ruwa zalla da wuri, launin zai sake cika ɗakunan.

Manomin da ya zuba takin zamani da yawa a gindin masara ƙasa ba danshi, ya wayi gari shukar ta yi yaushi kamar an ƙona ta, wannan abin ne ya faru a saiwarta.

"Ƙwayar dabba ba ta da bango saboda ba ta kai ta tsiro ba"

Rashin bango ba naƙasa ba ce. Tambayar da ta dace ita ce: idan ruwa na kwarara cikin kowace ƙwaya, me ya hana ta dabba fashewa? Amsa: ba a barin ta cikin ruwa zalla. Saka jar ƙwayar jini cikin tataccen ruwa, za ta kumbura ta fashe nan take. A jiki kuwa tana iyo ne cikin ruwan da kaurinsa ya yi daidai da na cikinta, ƙoda ce ke kula da wannan ma'auni dare da rana. Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti aka auna shi giram 9 na gishiri a lita ɗaya, ba a ɗura masa ruwa zalla ta jijiya. Tsiro ba shi da ƙoda. Yau ruwan sama ya jiƙe saiwarsa, jibi ƙasa ta bushe, kuma ba ya iya tashi ya koma inuwa. Dole kowace ƙwaya ta zo da abin da zai hana ta fashewa.

Sannan dabba na buƙatar ƙwayoyin da ke sauya siffa. Tsoka tana tsukewa ta saki. Farar ƙwayar jini tana miƙa jikinta ta haɗiye ƙwayar cuta. Jar ƙwayar jini tana lanƙwashewa ta kutsa ta jijiyar da ta fi ta ƙunci. Ƙwayar da ke cikin akwatin selulos ba za ta yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tsayuwar jiki kuwa, ƙashi da guringuntsi da fata sun ɗauke wa dabba wannan nauyin.

Girman bakiyol yana da wani dalilin kuma, na arha. Tsiro da hasken rana yake haɗa abincinsa, yana buƙatar faɗin ganye da tsawon saiwa. Gina ƙwaya cike da furotin yana da tsada, cika jaka da ruwa kuwa kusan kyauta ne. Yawancin tsawon da karan dawa ke ƙarawa a damina daga miƙewar ƙwayoyi ne da ruwa ya cika.

"Sam ba ta da shi" da "kowace tana da shi"

A kiyayi waɗannan kalmomi biyu. Ƙwayar dabba tana iya samun ƙananan bakiyol na ɗan lokaci. Abin da ba ta da shi shi ne babba guda na dindindin a tsakiya. Ƙwayoyin tsiro sabbin haihuwa da ke kan tsinin saiwa su ma ƙanana suke da su da yawa, sai sun girma suke haɗewa. Bakiyol kuma ba randar ruwa kawai ba ne: zaƙin rake da tsamin lemun tsami a cikinsa ake ajiye su. Haka bango ba na tsiro kaɗai ba ne. Naman kaza da yis suna da bango mai sinadarin kaitin, bakteriya kuma nasu daban ne, kuma gininsa ne maganin fenisilin ke hanawa, har bakteriyar ta cika da ruwa ta fashe, ƙwayoyinmu marasa bango kuwa bai sami abin da zai rushe a jikinsu ba. Don haka idan aka ba ka zanen ƙwaya mai bango aka ce ta mece ce, kada ka yi saurin rubuta "tsiro". Duba ko an ce bangon na selulos ne, ka nemi babbar jakar tsakiya da cibiyar da aka ture gefe. Rashin koren kuloroflas kuma, wato 'yan ƙunshin da tsiro ke haɗa abinci a cikinsu, kada ya ruɗe ka: fatar albasar da ka duba ɗazu ba ta da ko ɗaya.