Tambayoyi huɗu kafin ki sauya kaya

'Yan uwa masu sana'ar kayan maƙulashe a Jos, kafin ki bar abin da kika iya ki koma wani sabo, ki zauna da wanda kika iya ɗin ki yi masa tambayoyi huɗu: me zan musanya, me zan haɗa, dabarar wa zan aro, me zan gyara a girma ko siffa? Mu ɗauki alawar madara.

Musanyawa ta fi ruɗi. Idan kika cire sukari kika sa dabino, ki sani sukarin ne ke sa alawar ta daskare ta yanku. Niƙaƙƙen dabino yana riƙe danshi, sai ki ga tana manne wa wuƙa, ta ƙi fita daga leda. Don haka ki musanya kashi ɗaya cikin huɗu tukuna, ki duba. Haɗawa kuwa da sauƙi: soyayyar kwakwa ko riɗi, amma a busar da su sosai, in ba haka ba fumfuna ce za ta biyo baya.

Aro shi ne ki leƙa wata sana'ar. Masu cakulan suna zuba nasu a mazubin roba mai siffofi, ke ma ki gwada don kayan biki. Gyara kuma, yanka ƙanana na kuɗin tarar 'yan makaranta.

Abu ɗaya za ki canza a kowane gwaji, da gwangwanin madara guda, ki rubuta awon a littafi. In kika canza uku tare ta lalace, ba za ki gane mai laifin ba. Ki ajiye samfur na mako guda, domin wadda ta tsaya a sanyin Jos tana iya yin laushi a zafin motar Abuja.